Wa Zai Riƙe Sirrin? Kalmomin da Ke Kare Ma'aikacin da Ya Fallasa Almundahana a Gari Irin Matazu

Mu ɗauki wani ƙaramin asibiti a ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Matazu da ke jihar Katsina. Ba wani asibiti takamaimai nake nufi ba, misali ne na gina don mu ga yadda abin ke tafiya. A ce a wannan wata an sauke katan arba'in na abincin tamowa, wannan mai gyaɗa da madara da ake ba yaran da yunwa ta kassara. Kowane katan yana ɗauke da leda 150, wato leda 6,000 ke nan. Littafin sito ya nuna an fitar da duka. Amma ma'aikaciyar da ke cike katunan yara ta zauna da yamma ta haɗa lissafin abin da aka rubuta wa kowane yaro, sai ta samu 4,200. Leda 1,800 ba su shiga hannun uwar kowane yaro ba. Katan goma sha biyu ke nan, kuma katan ɗaya kusan shi ne abin da ke tayar da yaro ɗaya daga kwance. Ranar kasuwa kuwa ta ga irin ledojin a tiren wani mai talla.

A jikin bangon ofishin akwai takarda da aka manna da Turanci, mai cewa duk wanda ya ga almundahana ya kai rahoto, za a sirranta sunansa, kuma ba za a cutar da shi ba. Tambayar da ke gabanta ita ce: wannan jimla za ta iya ɗaukar nauyinta?

Ni dai a ganina ba za ta iya ba, kuma dalilin lissafi ne. Mutum nawa ne a wannan asibiti ke iya ganin littafin sito su kuma ga katunan yara? Uku: incaji, da mai riƙe da makullin sito, da ita. Biyu daga ciki su ake zargi. Ko da ba ta sa hannu ba, ko da ta sa ƙaninta ya rubuta mata, ranar da mai bincike ya iso ya ce "an ce katan goma sha biyu sun ɓace," kowa ya san bakin da maganar ta fito. Ba wanda ya tona sunanta, bayanin ne da kansa ya nuna ta. A Abuja, a ma'aikatar da ke da mutum dubu, mai fallasa yana iya sajewa cikin jama'a. A garin da incaji surukin kansila ne, mai makullin sito kuma tare suke sallar asuba da mahaifinta, babu taron da za ta ɓuya a ciki. Saboda haka duk takardar da aka rubuta don irin wannan wuri, a rubuta ta da tunanin cewa wata rana za a gane ko wace ce.

Kafin mu shiga kalmomin, yana da kyau a san inda ƙasar ta kwana. A watan Disamba na 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shirin kwarmata bayanai ta hannun Ma'aikatar Kuɗi, lokacin Kemi Adeosun tana minista. Abin da ya ja hankalin mutane shi ne ladan: kashi biyu da rabi zuwa kashi biyar cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. A watan Afrilu na 2017 hukumar EFCC ta gano fiye da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi da ke Legas, labarin ya cika gari. Shirin ya kuma yi alkawarin cewa wanda aka muzguna wa don ya yi magana yana iya kai kuka, a biya shi asarar da ya yi. Sai dai shiri ne na gwamnati, ba doka ba ce da majalisa ta yi. Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙudurin kare masu fallasa a 2017, bai kai ga zama doka ba. A Disamba na 2022 majalisar zartarwa ta amince da wani sabon daftari, minista Zainab Ahmed ta bayyana cewa shirin ya yi sanyi, mutane suna jin tsoro don babu kariya. Gwamnatin ta sauka a Mayun 2023 daftarin bai zama doka ba.

Abin da ya faru da Ntia Thompson ya isa misali. Mataimakin darakta ne a wata hukuma ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, ya kai rahoton karkatar da kuɗi a 2016. A farkon 2017, makonni kaɗan bayan an gama shelar shirin, aka yi masa ritayar dole. Sai da ƙungiyoyi da 'yan jarida suka tashi tsaye kafin a mayar da shi bakin aiki a tsakiyar shekarar. Wannan babban ma'aikaci ne a Abuja, inda ake da lauyoyi da gidajen jarida a ƙofar gida. Ma'aikaciyar katunan yara a ƙauyen Matazu ba ta da ko ɗaya.

Ba a ce babu doka sam ba. Sashe na 64 na dokar ICPC ta 2000 ya hana bayyana wanda ya ba hukumar bayani. Sashe na 39 na dokar EFCC ta 2004 ya ce ba a tilasta wa jami'anta faɗin majiyarsu sai da umarnin kotu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma tana da sashe na 27 da ke kare ma'aikacin gwamnati da ya bayyana almundahana da kyakkyawar niyya. Amma biyun farko sirri suke karewa a cikin ofishin hukumar. Ba su ce komai ba a kan abin da zai faru ranar Litinin idan ta koma wajen aiki ta tarar an sauya mata kujera. Wannan gurbin shi ne takardar manufa ta ma'aikata ke cikewa, ko ta hukumar lafiya ce, ko ta ilimi, ko ta bankin manoma, ko ta ƙungiyar agaji. Tun 2014 Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna su mallaki irin wannan takarda. Sauran wurare kuwa kowa da abin da ya kwafo.

Kuskuren farko da ake yi shi ne haɗa abu biyu da suka bambanta. Akwai ɓoye suna, wato ba wanda ya san mai rahoton, har da wanda ya karɓa. Akwai kuma sirranta suna, wato mai karɓa ya sani amma ya riƙe amana. Wasiƙar da babu suna tana da sauƙin jefawa a kwandon shara, ba a iya komawa wajen mai ita a ce "wane wata kike nufi?", kuma idan aka gane ta aka cuce ta, ba ta da shaidar cewa ita ce ta yi rahoton. Takarda mai kyau tana karɓar duka biyun, ta faɗi farashin kowanne. Ga wanda ya zaɓi ɓoye suna, a ba shi lamba ta sirri da zai riƙa bibiyar maganarsa da ita, wadda kuma zai iya fitarwa wata rana ya ce ni ne.

Sai jimlar "za a sirranta sunanka." Wa zai sirranta? Jimlar ba ta da mai aikatawa, kuma abin da ba shi da mai aikatawa ba shi da wanda za a kama idan ya lalace. Duk wanda ya san aikin gwamnati ya san tafiyar takarda. Ta shiga rajista a buga mata hatimi, akawu ya buɗe ya karanta don ya san fayil ɗin da zai sa ta, masinja ya ɗauka ya hau da ita, sakatare ya duba kafin ta isa teburin darakta. Hannu huɗu ko biyar ke nan kafin wanda aka rubuta wa ya gani. Sannan a zo ga al'adar da ta fi kowace kashe masu ƙorafi: darakta ya ɗauki jan biro ya rubuta a gefe cewa a tura wa wanda ake zargi ya yi bayani. A ɗauki wasiƙar yadda take, da rubutun hannunta da irin kalmomin da aka san ta da su, a miƙa wa incaji.

Da ni ke rubuta wannan sashe, ga yadda zan sa shi: "Mutum biyu kaɗai ne za su san sunan mai rahoto, ga muƙamansu. Rahoto ba ya bi ta rajista. Ba a miƙa wa wanda ake zargi ainihin takardar, ko hotonta, ko muryar da aka naɗa. Haramcin ya haɗa da duk wani bayani da za a iya gane mutum da shi, kamar ranar da yake bakin aiki ko littafin da yake riƙewa. Jami'in da ya saɓa wannan ya aikata babban laifi, hukuncinsa yana iya kai wa ga kora." Jimla ta ƙarshe ita ce ginshiƙi. Muddin ba a rubuta hukuncin mai tona asiri ba, sirrin roƙo ne kawai ake yi.

Wanda ake zargi ma yana da haƙƙi, kada a manta. Dole a gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi, ya kare kansa. Amma abin da yake da haƙƙin gani shi ne tuhuma da hujja, ba wanda ya fara nuna hanya ba. Nan ne gwanintar mai bincike take. A misalinmu, mai binciken da ya san aikinsa ba zai dira a wannan asibiti shi kaɗai ba. Zai sanar da ƙidayar kaya a asibitoci huɗu ko biyar na yankin, kamar yadda aka saba, ya nemi littafin sito da katunan yara a kowanne, ya haɗa lissafin da kansa. Zai sayi leda biyu a kasuwa ya gwada lambar rukunin da ke jikinsu da ta takardar sauke kaya. Ranar da zai zaunar da incaji, abin da zai ce shi ne, "Yallaɓai, ƙidayata ta nuna giɓin leda 1,800, ina suka shiga?" Hujjar ta zama tasa. Zai kuma yi wa ita ma'aikaciyar tambayoyi tare da kowa, daidai tsawon lokacin da ya ba kowa, domin wanda aka tsallake shi ma an nuna shi. Takardar manufa ta rubuta wannan a fili: bincike ya nemi hujjar da za ta tsaya da ƙafarta ba tare da mai rahoto ba.

Gaskiya kuma ta wajaba a kan iyakar sirrin. Kotu tana iya neman suna. Idan maganar ta kai ga shari'a, ana iya buƙatar mai rahoto ya tsaya shaida. Idan cin zarafin yaro ne ko fyaɗe, kuma akwai wanda ke cikin haɗari a yanzu, ba za a zauna a kan bayanin ba. Takardar da ta yi alkawarin sirri ko ta halin ƙaƙa ƙarya take yi. Wadda ta san abin da take yi za ta lissafa waɗannan lokuta, ta ce ba za a bayyana suna ba sai an fara sanar da mai shi a rubuce, an kuma tattauna da shi yadda za a tsare shi. A batun cin zarafi, sirrin wadda aka cuta daban ne da na wanda ya kawo rahoto, kuma ko wanne yana buƙatar jimlarsa.

Yanzu mu ce an gane ta, wanda shi ne abin da ya fi yiwuwa. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ba za a kira ta a ce mun hukunta ki don kin yi magana ba. Bayan sati uku za ta samu kwari a kan makara, alhali shekara biyar kowa yana zuwa a wannan lokacin. Sunanta zai faɗo daga jerin masu aikin rigakafi, alawus ɗin da take cike giɓin wata da shi ya tafi. Fayil ɗin ƙarin girmanta ya yi ɓatan dabo. Daga nan sai takardar canjin wajen aiki, zuwa wani ƙauye can cikin daji, a hanyar da direbobi ba sa bi bayan la'asar saboda 'yan bindiga. A kan takarda duk wannan aikin ofis ne na yau da kullum, domin jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 kuma ana iya tura ma'aikaci inda ake buƙatarsa. A wannan yanki kuwa irin wannan canji yana iya zama maganar rai. Ko a sama haka abin yake zuwa da wani suna. Lokacin da aka dakatar da Sanusi Lamido Sanusi daga shugabancin Babban Banki a Fabrairun 2014, bayan ya yi zargin cewa kuɗin mai kimanin dala biliyan ashirin ba su shiga asusun gwamnati ba, dalilin da fadar shugaban ƙasa ta bayar shi ne sakaci wajen kashe kuɗin bankin. Shi da magoya bayansa suka ce ramuwa ce. Kowane ɓangare da nasa bayanin, kuma haka gardamar take kasancewa kullum.

Shi ya sa jimlar "ba za a cutar da kai ba" ba ta wadatar. A ambaci nau'o'in ramuwar ɗaya bayan ɗaya, har da canjin wajen aiki, da tsayar da albashi, da cire suna daga aikin alawus, da barazana ga miji ko ƙani da ke aiki a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Sannan a zo ga jimlar da ta fi kowace nauyi a takardar baki ɗaya: wa zai kawo hujja? Idan aka ce ita ce za ta tabbatar da cewa don rahotonta aka tura ta daji, ta faɗi tun kafin a fara, domin ba ta da hanyar shiga zuciyar darakta. Dokar Tarayyar Turai ta 2019 ta juya wannan nauyi. Da zarar mutum ya nuna ya yi rahoto kuma wani abu ya same shi, wanda ya ɗauki matakin ne zai tabbatar da cewa yana da wani dalili na gaskiya. Babu abin da ya hana hukumar lafiya ta jiha rubuta irin wannan a takardarta. Ni zan ƙara da cewa a tsawon wani lokaci da aka ƙayyade, a ce shekara biyu, ba a canja wa mai rahoto wajen aiki ko a ba shi kwari sai da sa hannun wani jami'i da ba ya ƙarƙashin wanda aka zarga, kuma idan ya kai kuka a dakatar da matakin har a gama dubawa. Maido da mutum bayan shekara ya riga ya sayar da akuyoyinsa ya ci ba kariya ba ce.

Waccan doka ta Turai ta kuma sa wa'adi: a amsa cewa an karɓi rahoto cikin kwana bakwai, a ba da bayanin inda aka kwana cikin wata uku. Shiru ne ke tura mutane gidan rediyo ko shafukan sada zumunta, inda babu sirri ko kaɗan. Idan wa'adi ya cika ba amsa, takardar ta ba mutum izinin wucewa gaba, zuwa hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Katsina, ko ICPC, ko EFCC, kuma ta ce rantsuwar riƙe sirrin ofis da ya yi ranar kama aiki ba ta hana shi wannan ba.

Akwai wata jimla da ake yawan sawa a ƙarshe da manyan baƙaƙe, cewa duk wanda ya kawo rahoton ƙarya zai fuskanci hukunci. Ana buƙatarta, domin ƙage yana rusa gida, kuma dokar ICPC ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara goma ga wanda ya ba da bayanin da ya san ƙarya ne. Kalmar da ke da muhimmanci ita ce "ya san." Idan aka cire ta, an tsorata kowa. Mu koma ga ma'aikaciyarmu. A ce bincike ya gano cewa katan huɗu daga cikin sha biyun an ara wa asibitin maƙwabta ne ba a rubuta ba. Ta yi kuskure a adadi, amma abin da ta gani ya isa mai hankali ya yi zargi. Takarda ta ce kariya tana nan muddin mutum yana da dalilin da ya sa ya gaskata abin da ya faɗa, ko da bincike bai tabbatar ba. Kada kuma a sa sharaɗin tsarkin niyya. Wataƙila ita da incaji ba sa ga maciji tun tuni. Wannan bai maido da ko leda ɗaya cikin sito ba.

Abu na gaba shi ne wa takardar ta shafa, da wane harshe take magana. Yawancin waɗanda ke ganin abin da idonsu ba su da lambar fayil: ma'aikatan wucin gadi, da 'yan sa kai, da mai gadi da ke ganin babur yana fita da kaya da dare, da mai shara. Su ba a buƙatar kwari, cewa kawai za a yi kada su zo gobe. A ambace su da sunan aikinsu. Ghana ta yi wani abu a dokarta ta 2006 da ya dace da mu ƙwarai. Ta yarda a kai rahoto da baki, wanda ya karɓa ya rubuta, idan mai rahoton bai iya karatu ba a karanta masa a fassara da harshen da yake ji kafin ya dangwala. Ta kuma sa sarki da shugaban addini da shugaban dangi cikin waɗanda ake iya kai wa magana. A wajenmu zan yi taka-tsantsan da wannan na ƙarshe, domin hakimi ko limami yana iya zama ɗan'uwan wanda ake zargi, kuma zaurensa ba ya rabuwa da jama'a. Amma asalin tunanin daidai ne: ƙofa fiye da ɗaya, ɗaya daga ciki a wajen ƙaramar hukumar, kuma da Hausa. Akwatin ƙorafi da aka rataye a ƙofar ofishin incaji, makullinsa a aljihun incaji, ba ƙofa ba ce.

Har sunan da takardar za ta kira mutumin yana da tasiri. A ƙasar Matazu da Musawa da Ɗanmusa, kalmar "infoma" ta zama sunan mai kai wa 'yan bindiga labarin maƙwabcinsa, kuma wanda aka laƙaba wa ita ba ya kwana da ido biyu rufe. "Ɗan tsegumi" da wasu kafafen labarai ke amfani da shi yana kusa da gulma. "Mai kawo rahoto" ko "mai ba da shaida" ya fi. Domin matsin farko ba daga ofis zai zo ba. Kawunta ne zai zo bayan magariba ya zauna a tabarma ya ce, "Haba 'yata, mutumin nan da iyalinsa, ki rufa masa asiri, Allah ya rufa naki." Tana buƙatar amsar da za ta ba shi cikin ladabi, kuma malamanmu sun tanade ta tun da daɗewa. Imam Nawawi a cikin Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ambaton laifin mutum a bayan idonsa ba ya zama giba, daga ciki akwai kai kukan zalunci ga mai iko, da neman taimakon wanda zai iya kawar da ɓarna. Sharaɗin shi ne a kai maganar ga wanda zai iya gyarawa, a kuma tsaya a kan abin da ake buƙata. Ta gaya wa kawun cewa ba a dandali ta yi maganar ba, ga mutum biyu ta faɗa, kuma yara goma sha biyu ne aka ce wa iyayensu abinci ya ƙare, su dawo wani satin.